Muhawara: Yaya ake sassauta rubutun labari ya zama magana ba tare da an ɓata labarin ba?

Ƴar Tudun Wada:
Assalamu alaikum, iyaye da yayye na wannan zaure. Na fara gabatar da taƙaitattun labarai a bidiyo a wani ƙaramin shafi da muke da shi a nan Kaduna, kuma matsalata guda ɗaya ce. Rubutun da ake ba ni irin na jarida ne, idan na karanta shi yadda yake sai numfashina ya ƙare a tsakiyar jimla, fuskata ta ɗaure, in zama kamar mai karanta takardar kotu. Idan kuma na sassauta shi da kaina, sai editanmu ya ce na canza labarin. Domin kada in kawo maganar aikinmu na yanzu, na ɗauko wani tsohon labari da kowa a garin nan ya sani, na rubuta shi irin yadda ake ba ni:

"Hukumar Kula da Jiragen Ƙasa ta Najeriya, NRC, ta sanar da dawo da zirga-zirgar jiragen ƙasa a kan layin dogon Abuja zuwa Kaduna mai tsawon kilomita 186 daga ranar Litinin 5 ga Disamba, 2022, biyo bayan dakatarwar da aka yi sakamakon harin da ƴan bindiga suka kai wa jirgin a ranar 28 ga Maris, wanda ya yi sanadiyyar mutuwar aƙalla mutum 8 tare da yin garkuwa da wasu da dama, kamar yadda rahotanni suka bayyana."

Ga kuma yadda na mayar da shi: "Jama'a, albishirinku! Wai jirgin Abuja ya dawo fa. Kun dai san an tsayar da shi tun da ƴan bindiga suka kashe mutum takwas, to yanzu kam komai ya daidaita."

Ina roƙon a nuna mini inda na yi kuskure, kuma a nuna mini hanyar da ake bi, domin ina so in iya da kaina.

Ɗan Barnawa:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. A ganina naki ya fi na farkon nesa ba kusa ba, domin haka mutane suke magana a Kasuwar Bacci da tashar Kawo, kuma mai kallo a waya ba ya jiran jimla mai tsawon layin dogo. Sirrin kawai shi ne ki zuba ƙananan kalmomin nan da muke sa wa magana gishiri da su, irin su dai da fa da kam da ai da wai, ki gajarta komai. Abin da zan cire a naki shi ne albishir kawai, saboda akwai rasuwa a cikin labarin.

Baba Edita:
Ƴata, kin yi tambaya mai kyau, kuma kin kyauta da kika kawo rubutun biyu, domin da su za a ga aikin ido da ido. Ɗan Barnawa ya yi gaskiya a kan albishir, ya kuma yi gaskiya cewa jimlar farko ba ta karantuwa. Na ƙirga ta, kalma 75 ce a takarda ba tare da aya ko ɗaya ba. A baki kuma ta fi haka, domin 186 a ido abu ɗaya ne, amma harshe zai ce ɗari da tamanin da shida, 2022 kuma ya zama dubu biyu da ashirin da biyu, 28 ya zama ashirin da takwas. Idan aka haɗa, kalma 86 ake so ki fitar da numfashi ɗaya. Ba ƙirjinki ne ya gaza ba.

Inda na rabu da shi shi ne batun ƙananan kalmomin nan. Ba gishiri ba ne kawai, kowace ɗaya tana ɗauke da matsayin mai magana. Idan kika ce wai jirgin ya dawo, Bahaushe zai ji cewa ke kanki ba ki gaskata ba, ko kuma jita-jita kike isarwa, alhali hukumar da ke da jirgin ce ta fito ta sanar. Kalmar fa tana jan kunne ko tana nuna mamaki. Kalmar ai tana nufin abin sananne ne wanda ba a jayayya a kansa, saboda haka idan kika sa ta a gaban iƙirarin wani ɗan siyasa, kin riga kin tsaya masa shaida. Daga cikinsu, dai da kuwa da kuma su ne suka fi sauƙin shiga labari ba su bar tabo ba, kuma su ma ɗaya ko biyu sun isa a labari guda.

Sannan ki duba abin da ya zube a hanya. Rubutun ya ce aƙalla mutum takwas, ke kin ce mutum takwas, wato kin rufe lissafin da aka bari a buɗe da gangan. Waɗanda aka yi garkuwa da su sun ɓace gaba ɗaya daga naki, kuma a Kaduna akwai gidajen da suka yi wata shida suna jiran nasu, domin sai a farkon Oktoba aka sako rukunin ƙarshe. Wanda ya yi sanarwar ya ɓace, ranar ma ta ɓace. A madadinsu kin ƙara cewa komai ya daidaita, wanda babu wanda ya faɗa sai ke. Wannan ne editanki yake nufi.

Hanyar da nake bi ita ce, kafin in taɓa kalma ko ɗaya, nakan ɗauki biro in ja layi a ƙarƙashin abubuwan da ba su da izinin motsi: wa ya faɗa, me zai faru, yaushe, adadi tare da kalmar da ke tsaron adadin. Daga nan sai in kife takardar, in faɗa wa wanda ke zaune kusa da ni labarin da baki, kamar ya tambaye ni me ake ciki. Abin da ya fito daga bakina shi nake rubutawa, sannan in buɗe takardar in bi layukan da na ja ɗaya bayan ɗaya in tabbatar kowanne yana nan. Ga abin da ya fito mini:

"Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna zai dawo aiki. Hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya ce ta sanar da haka. Ta ce za a fara jigilar fasinja ranar Litinin, biyar ga watan Disamba. Wata takwas ke nan jirgin bai yi tafiya ba. An dakatar da shi ne tun ƙarshen watan Maris, lokacin da ƴan bindiga suka kai masa hari a hanyarsa ta zuwa Kaduna. Rahotannin farko sun ce aƙalla mutum takwas ne suka rasu, aka kuma yi garkuwa da wasu da dama."

Kalma 80 ce, wato kusan tsawon na farkon, amma jimla shida ce, kuma kina da wurin shan iska sau shida. Sassautawa ba lallai ta rage tsawo ba.

Ƴar Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Baba. Na karanta naka da ƙarfi sau biyu, ban sarƙe ko sau ɗaya ba. Amma ina da tambaya a kan abin da ka cire. Kilomita 186 ba ta cikin naka, haruffan NRC ma ba su ciki, ranar 28 ga wata kuma ta koma ƙarshen watan Maris. Me ya sa naka cirewar ta halatta, tawa kuma ta zama ɓata labari?

Baba Edita:
Ma'aunin shi ne, idan mai kallo ya tashi ya je ya ba wani labarin da abin da ya ji daga gare ki, shin zai faɗi abin da ba daidai ba? Wanda bai ji tsawon layin dogon ba, babu ƙaryar da zai yi, kuma mutumin da yake hawa jirgi a tashar Rigasa ya sauka a Idu ba tsawon layin yake jira ya ji ba. Wanda ya ji ƙarshen watan Maris ya ji gaskiya, sai dai ba a tsawaita masa ba. Amma wanda ya ji mutum takwas ba tare da aƙalla ba, zai je ya faɗi adadi a matsayin tabbatacce. Ranar biyar ga Disamba kuwa na bar ta cif, saboda ita ce ranar da mutum zai shirya tafiya da ita. Haruffan hukumar kuma aikin ido ne, a rubuta su a ƙasan hoton bidiyon, tare da kilomitar idan editanku yana son ta. Wannan ita ce falalar bidiyo a kan rediyo, allo yana ɗaukar wa baki wani kaya.

Malamin Kawo:
Ni a fahimtata matsalar ba ta rubutu ba ce, ta kayan aiki ce. Akwai manhajojin waya da suke gungura rubutu a kusa da kyamara, mai gabatarwa yana karantawa yana kallon masu kallo. Idan kika sa ɗaya, kika rage saurin gungurawar, kika ƙara girman haruffa, za ki karanta ko wane irin rubutu ba tare da kin sunkuyar da kai ba. Ni da ita nake yin bidiyon darussan da nake ɗora wa ɗalibaina.

Ƴar Tudun Wada:
Malam, da irin wannan manhajar nake aiki tun farko. Ita ce ma ta nuna mini girman matsalar, domin allon wayar layi huɗu ko biyar yake nunawa a lokaci guda, kafin in kai ga kalmar harin, kalmar hukumar ta daɗe da wucewa sama, na manta wa nake magana a kansa, sai muryata ta rasa inda za ta sauka.

Hajiya Unguwar Rimi:
Ƴar Tudun Wada, abin da kika faɗa yanzu shi ne ainihin dalilin da ya sa ake sa wanda ya faɗi magana a gaba, ba a baya ba. Jarida tana iya ajiye in ji wane ko kamar yadda rahotanni suka bayyana a wutsiyar jimla, saboda ido yana komawa baya. Kunne ba ya komawa. Idan kika faɗi zargi da muryarki da fuskarki, sannan bayan daƙiƙa goma kika ce in ji wane, mai kallo ya riga ya ɗauka maganarki ce. Balle yanzu da ake yanke bidiyo a yaɗa guntunsa a waya, sau da yawa wutsiyar ce ake yarwa.

Na yi shekaru ina karanta labarai, kuma akwai abu ɗaya da ban ga an ambata ba, wanda ya shafi Hausa ita kaɗai. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Mai karatu a zuci yana da lokacin da zai gane daga abin da ke kewaye, mai karatu a gaban kyamara ba shi da shi. Ki ɗauki wannan jimlar: hukumar ta ce jirgin ya tsaya. Idan kika ja ya ɗin da sauti sama, kin ce jirgin ya riga ya tsaya, labari ne. Idan kika gajarta shi da sauti ƙasa, kin ce hukumar ta ba da umarni ne jirgin ya tsaya. Harafi biyu ne iri ɗaya a allo, labari biyu ne daban a kunne. Na taɓa faɗawa wannan ramin a shiri kai tsaye, a wani labari da ba na jirgi ba, na mayar da umarni ya zama abin da ya riga ya faru, sai da muka yi gyara a labaran da suka biyo baya. Tun daga ranar, duk inda na ga ta ce ko ya ce sannan ya ko ta ya biyo baya, nakan warware shi tun a takarda: ko dai in rubuta ta ba da umarnin a tsayar da jirgin, ko in rubuta ta ce jirgin ya riga ya tsaya. Haka ma kalmomi irin su baƙi, wanda zai iya zama launi ko mutanen da suka zo daga wani wuri, da gari, wanda zai iya zama birni ko na tuwo. Idan jimlar ba ta fayyace tun kafin a iso kalmar ba, a sauya jimlar. Kuma ki roƙi mai buga muku rubutu kada ya yar da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, domin baki da baƙi ba abu ɗaya ba ne.

Ina da gyara biyu a rubutun Baba, da izininsa. Na farko, suka rasu ya yi laushi fiye da abin da ya faru. Mutanen nan kashe su aka yi. Rasuwa kalmar ladabi ce, kuma baki yana karkata gare ta idan ana hira, amma a nan tana ɓoye yadda abin ya auku. Na biyu, takwas ta zo sau biyu kusa da juna, wata takwas da mutum takwas. A takarda ba komai, a kunnen wanda yake kallo cikin Keke Napep a kan titin Ahmadu Bello, ga hon ga hayaniya, lambobin biyu za su iya cakuɗewa.

Baba Edita:
Hajiya, na karɓi gyaran farko ba tare da musu ba. A mayar da shi aƙalla mutum takwas aka kashe. Wannan ma darasi ne a kan hanyar da na bayar, domin idan aka kife takarda aka yi magana da baki, al'ada takan shigo da tausasawarta, shi ya sa komawa kan layukan da aka ja ya zama dole. A kan na biyu kuwa ban gamsu ba tukuna. Wata takwas shi ne nauyin labarin ga wanda ya koma bin hanyar mota a duk tsawon lokacin nan, kuma akwai jimla guda mai tsawo a tsakanin lambobin biyu. Ina ganin ɗan tsayawa kafin jimlar ƙarshe ya wadatar.

Hajiya Unguwar Rimi:
Ana iya cewa tun watan Maris jirgin bai yi tafiya ba, mai kallo ya yi lissafin da kansa, lamba ɗaya ta rage a labarin. Amma na yarda cewa wata takwas ta fi dukan zuciya. Mai gabatarwar ta gwada duka biyun a gaban wani wanda bai ga rubutun ba, ta tambaye shi mutum nawa aka kashe, ta ji abin da zai ce.

Ɗan Barnawa:
Na amince da maganar wai, ban taɓa lura tana da wannan nauyin a labari ba. Amma har yanzu ina ganin rubutun Baba bai kai hira ba, labaran rediyo ne masu gajerun jimloli. Ita ƙanwar tamu a bidiyo take, fuskarta ake gani, kuma masu kallonta matasan Kaduna ne, da yawa daga cikinsu ma Hausa ba ita ce harshen gidansu ba. Ina laifin ta ce musu kun tuna harin watan Maris, ta yi magana da su kai tsaye?

Hajiya Unguwar Rimi:
Babu laifi, kuma a nan kana da gaskiya. Magana da mai kallo kai tsaye ita ce hanya mafi aminci ta kawo kusanci, saboda ba ta taɓa gaskiyar labarin. Za ta iya buɗewa da cewa, idan kuna cikin masu jiran jirgin Abuja, ga labari. Za ta iya cewa, za ku tuna an dakatar da shi ne tun ƙarshen watan Maris. Kusancin yana zuwa ne daga ku ɗin nan, da kuma sauya kalmomin ofis da na baki: biyo bayan ya zama bayan, ya bayyana cewa ya zama ya ce, dakatarwar da aka yi ta zama aka dakatar, gudanar da bincike ya zama bincika, ya yi sanadiyyar mutuwar ya zama aka kashe. Yawancin waɗannan nauyayan kalmomin daga fassara suka shigo mana, ba a jin su a bakin kowa a zaure. Kuma cire su ya fi taimakon wanda ya koyi Hausa a Sabon Tasha ko Kakuri fiye da cusa masa Turanci a tsakiyar jimla. Abin da ba zan ba da shawara ba shi ne a bi Hausar titi har a daina bambanta namiji da mace, a ce hukumar ya ce. Bidiyon da aka ɗora a Kaduna ana kallonsa a Katsina da Maraɗi, kuma can za a ji shi a matsayin kuskure.

Malamin Kawo:
Yanzu na gane tambayar. To ina da tawa a kan rana. Idan a ranar Litinin ɗin take ɗaukar bidiyon, ba sai ta ce yau kawai ba? Ya fi biyar ga watan Disamba sauƙi a baki.

Baba Edita:
A rediyo haka muke yi, yau da jiya da gobe, domin magana tana fita ta wuce. Bidiyo kuwa yana zama. Wanda aka tura wa shi bayan kwana huɗu zai ji yau ya ɗauka ranarsa ake nufi, kuma mun sha ganin tsohon bidiyo ya dawo yana yawo a waya kamar sabo. Ni zan ce yau Litinin, biyar ga watan Disamba, sau ɗaya a farko, daga nan in ci gaba da yau. Shekarar kuma a rubuta ta a allo.

Ɗan Barnawa:
A gajeren bidiyo na daƙiƙa talatin, Baba, wannan ƙarin yana cin wuri. Ni da zan bar ranar gaba ɗaya a allo, baki ya ce yau.

Baba Edita:
Wanda ya sa waya a aljihu yana saurare da abin kunne ba ya ganin allon. Amma na san akwai masu yin yadda ka ce, kuma editanta ne zai yanke.

Ƴar Tudun Wada:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga yadda na sake shi bayan na bi maganganunku: "Idan kuna cikin masu jiran jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, ga labari. Hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya ta ce jirgin zai dawo aiki ranar Litinin, biyar ga watan Disamba. Za ku tuna an dakatar da shi ne tun ƙarshen watan Maris, lokacin da ƴan bindiga suka kai masa hari a hanyarsa ta zuwa Kaduna. Rahotannin farko sun ce aƙalla mutum takwas aka kashe. An kuma yi garkuwa da wasu da dama."

Na ɗauki kaina da waya, ya ci daƙiƙa 27, kuma na ja layi tsaye a rubutun a duk inda zan sha iska. Na cire wata takwas a wannan, na bar ta a wani na biyun. Yayata ba ta ga rubutun ba, idan ta dawo daga aiki da yamma zan kunna mata su ɗaya bayan ɗaya in yi mata tambayar da Hajiya ta ce, sannan in zo in faɗa muku abin da ta amsa.